Yadda Ake Shirya Tambayoyin Ƙarshen Intabiyu, da Waɗanda Ya Kamata Ka Haɗiye

Idan masu ganawa suka gama nasu tambayoyin, ɗayansu ya ɗago kai ya ce, "To, ko kana da wata tambaya?", abin da ya rage maka yawanci bai wuce minti biyar zuwa goma ba. A ɗan wannan lokacin tambaya biyu ko uku kawai za ka iya yi cikin natsuwa. Saboda haka hardace jerin tambayoyi ashirin ba shi da amfani. Abin da ake bukata shi ne ka san yadda za ka zaɓi ukun da za su fito maka da abin da sanarwar aikin ba ta faɗa ba: me ya sa gurbin ya buɗe, wace matsala ce ke jiran wanda za a ɗauka, kuma da wane ma'auni za a ce ya yi ƙoƙari ko ya gaza.

Ma'aunin da nake auna kowace tambaya da shi guda ɗaya ne. Idan amsarta ba za ta iya canja shawararka game da aikin ba, kuma ba za ta taimake ka ka yi aikin da kyau idan an ɗauke ka ba, to ka bar ta. Tambayar da aka yi don a burge kwamiti ana gane ta nan take, domin mai ita ba ya sauraron amsa, jira kawai yake a gama ya jefa ta gaba.

Mataki na 1: Ka tono tambayoyinka daga cikin sanarwar aikin

Kwana ɗaya ko biyu kafin ganawar, ka ɗauko sanarwar da aka fitar ta neman ma'aikaci, ka karanta ta da biro a hannu. Abin da kake nema shi ne jimlolin da aka rubuta a dunƙule, waɗanda za su iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Kusan kowace sanarwa tana da irinsu. "Mai iya aiki cikin matsi." "Zai riƙa taimaka wa sauran sassa idan bukata ta taso." "Zai yi tafiye-tafiye lokaci zuwa lokaci." "Da sauran ayyukan da shugaban sashe zai ba shi."

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana ɓoye da wani abu. Matsi na iya zama kwana uku na ƙarshen wata lokacin rufe lissafi, wanda kowa zai iya jurewa, yana kuma iya zama aikin mutum biyu da aka ɗora wa mutum ɗaya shekara da shekaru. Tafiya lokaci zuwa lokaci na iya zama sau biyu a shekara, tana iya zama kowane mako. Ka ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan jimloli, ka mai da kowace ɗaya tambaya da ke neman adadi ko misali. Maimakon ka ce, "Aikin yana da matsi sosai?", wanda kowa zai amsa da "To, ka san aiki," sai ka ce, "Wane lokaci ne a wata aiki ya fi yawa, kuma yaya ranar aiki take kasancewa a lokacin?"

Ka rubuta tambayoyi biyar ko shida, ko da yake uku kawai za ka yi. Dalili shi ne rabinsu za a amsa maka su a cikin hira kafin a zo ƙarshe. Wanda ya zo da biyu kacal sau da yawa yakan tarar an cinye masa su, ya rasa ta cewa. Ka rubuta su a ƙaramin littafi ko takarda ɗaya. Babu laifi ka buɗe takardar a gabansu, hasali ma tana nuna ka shirya. Waya ce ba na ba da shawarar a ciro, domin wanda ke kallonka bai san ko tambaya kake dubawa ko saƙo kake karantawa ba.

Kafin ka rufe littafin, ka leƙa shafin ma'aikatar na intanet da duk abin da suka aiko maka. Duk tambayar da amsarta ke nan a rubuce, ka soke ta.

Mataki na 2: Ka san wanda ke zaune a gabanka

Tambaya mai kyau idan ta faɗa hannun wanda ba shi da amsarta, ta lalace. A farkon ganawa masu tambayar sukan gabatar da kansu, mutane da yawa kuma ba sa ji saboda fargaba. Ka saurara, in da hali ka rubuta muƙamin kowa.

Jami'in sashen kula da ma'aikata ya san matakan ɗaukar aiki, da tsawon lokacin gwaji, da irin kwantiragin da za a bayar, da ranar da ake so a fara. Bai cika sanin yadda ranar Talata take a cikin sashen da za ka shiga ba. Wannan sai wanda zai zama shugabanka kai tsaye, kuma shi ne ya kamata ya sha mafi nauyin tambayoyinka. Idan akwai wanda zai zama abokin aikinka a teburin, shi za ka tambaya abin da ya fi ba shi wahala a watanninsa na farko. Idan kuwa babban shugaban ma'aikatar ne, ka tambaye shi inda yake so sashen ya kai nan da shekara, kada ka tsare shi da zancen lokacin tashi daga aiki.

A ma'aikatun gwamnati da manyan ƙungiyoyi akan yi ganawa mai tsari, inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ana ba da maki a takarda. A irin wannan, sau da yawa tambayar da ka yi a ƙarshe ba ta cikin abin da ake ba wa maki, kuma akwai wasu a waje suna jiran layi. Tambaya ɗaya ko biyu gajeru sun wadatar.

Mataki na 3: Tambayoyin da suka fi fito da gaskiyar aiki

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin yin tambayar rabin aikin ne, sauran rabin shi ne sanin yadda ake karanta amsar.

Ta farko: "Wannan gurbin sabo ne, ko akwai wanda ya riƙe shi a baya?" Tambaya ce mai laushi, ba ta zargin kowa, amma tana buɗe ƙofa. Idan aka ce sabo ne, to ka san babu wanda zai miƙa maka aiki ya nuna maka hanya, kuma mai yiwuwa su kansu ba su gama yanke shawarar abin da suke so ba. Sai ka bi da, "Wace bukata ce ta sa aka ƙirƙiro shi yanzu?" Idan aka ce wanda ya riƙe shi an yi masa ƙarin girma, alama ce mai kyau, kuma yana nan kusa za ka iya tuntuɓarsa. Idan aka ce ya bar aiki, ka tambaya cikin ladabi tsawon lokacin da ya yi a kujerar. Mutum ɗaya da ya tafi bayan shekara huɗu ba wani abu ba ne. Mutum uku da suka tafi cikin shekara biyu kuwa, akwai magana, kuma da wuya a ce duk su ukun ne ke da laifi. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ce, "Me ya sa ya tafi? Korarsa aka yi?" Ba za su faɗa maka ba, bai ma kamata su faɗa ba.

Ta biyu: "A wata ukun farko, wane abu ɗaya ne kuke so wanda kuka ɗauka ya fara gyarawa ko ya kammala?" Ka lura da kalmar "ɗaya". Ita ce ke hana a sake karanta maka jerin ayyukan da ke cikin sanarwa. Sanarwa takan lissafa ayyuka goma sha biyu kamar duk nauyinsu ɗaya, alhali a zuciyar manaja akwai guda ɗaya da ke hana shi barci. Manajan da ya san abin da yake so zai amsa ba tare da dogon tunani ba, ya ce rahoton wata-wata yana makara, ko kwastomomi suna ƙorafin ba a amsa musu da wuri. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, ya ƙare da "muna son mai ƙwazo ne kawai," ya nuna maka cewa bayan wata shida ma ba zai iya gaya maka ko ka yi daidai ba.

Ta uku tana bin ta biyu a baya: "Idan lokacin gwaji ya ƙare, da me za a duba a ce mutum ya cancanci a tabbatar da shi?" A wurare da yawa lokacin gwaji wata uku ne zuwa shida, kuma a cikinsa sallamar ma'aikaci ta fi sauƙi. Don haka sanin ma'aunin ya shafi tsaron aikinka kai tsaye. Amsa mai kyau tana ɗauke da abin da za a iya gani ko a ƙirga, da sunan muƙamin wanda zai yi hukuncin, da lokacin da za a zauna da kai a duba. Idan an ba da adadi, misali yawan cinikin da ake so a wata, ka ƙara tambaya ɗaya: "Cikin waɗanda ke wannan aikin yanzu, nawa ne ke kaiwa wannan adadin?" Adadin da babu mai kai shi ba ma'auni ba ne, hujja ce da aka ajiye don ranar da ake son rabuwa da mutum.

Ta huɗu ga wanda aikinsa ya ratsa sassa da yawa: "Wa zan riƙa kai wa rahoto, kuma akwai wani da shi ma zai riƙa ba ni aiki?" Ma'aikaci mai shugaba biyu da ba su jituwa yana cikin wahala tun ranar farko, kuma wannan ba ya taɓa fitowa a sanarwa.

Yayin da ake ba ka amsa, ka kalli sauran 'yan kwamitin. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ka tambayi tsawon zaman wanda ya gabace ka, sai biyu daga cikinsu suka kalli juna kafin ɗaya ya yi gyaran murya, ka samu rabin amsarka. Amma kada ka gina hukunci a kan kallo ɗaya kawai. Wani lokaci suna duba wanda ya fi dacewa ya amsa ne.

Mataki na 4: Ka ɗauko tambaya daga bakinsu

Duk tambayoyin da ke sama kowa zai iya zuwa da su daga gida. Wadda ta fi su ƙarfi ita ce wadda aka haifa a cikin ɗakin, daga wata magana da mai ganawa ya saki a tsakiyar hira. Dabarar ita ce ka lura da abin da suka maimaita. Idan an yi maka tambaya sau biyu ta fuskoki daban-daban a kan abu ɗaya, to a nan ciwon yake.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A ce wata mata tana neman aikin kula da sito a kamfanin da ke rarraba kaya ga 'yan kasuwa. Sanarwar ta ce za ta kula da shigar kaya da fitarsu, ta tabbatar lissafi ya daidaita, ta kuma yi aiki tare da direbobi da sashen ciniki. Ta zo da tambayoyi biyar a littafinta. A teburin akwai manajan rarraba kaya, wanda zai zama shugabanta, da wata jami'a daga sashen kula da ma'aikata.

A cikin hira manajan ya tambaye ta abin da za ta yi idan ƙidayar ƙarshen wata ba ta dace da abin da ke rubuce a kwamfuta ba. Ta amsa. Bayan minti goma ya sake dawowa ta wata hanya, ya tambaye ta ko ta taɓa aiki a inda kaya ke ɓacewa. Sai ta rubuta kalma ɗaya a gefen takardarta: giɓi. Kafin a zo ƙarshe, jami'ar ta riga ta bayyana cewa lokacin gwaji wata shida ne, kuma wanda ya riƙe kujerar ya bar aiki, don haka biyu daga cikin tambayoyinta sun tafi.

Da aka ba ta dama, sai ta fuskanci manajan ta ce, "Yallaɓai, na lura ka taɓo maganar bambanci tsakanin ƙidaya da rubutu har sau biyu. A iya abin da kuka gano, a ina aka fi samun giɓin: wajen karɓar kaya, wajen fitarwa, ko wajen shigar da bayanai?"

Dubi yadda aka gina tambayar. Ta fara da maganarsa, wanda ya nuna tana saurare. Ba ta ce ana sata a kamfanin ba. Sannan ta jera wurare ukun da giɓi ke iya faruwa, wanda ya nuna ta san aikin ba tare da ta yabi kanta ba. Kuma amsar tana da amfani a gare ta ko ta samu aikin ko ba ta samu ba.

A ce manajan ya amsa cewa wajen fitarwa ne. Direbobi sukan yi lodi da asuba kafin mai sito ya iso, takardun kuma sai daga baya ake cike su. Mai neman aiki da ba ta da natsuwa a nan za ta ce "na gode" ta koma kan littafinta. Ita kuwa sai ta bi zaren: "Idan haka ne, mai kula da sito yana da ikon hana kaya fita har sai an sa hannu a takarda, ko wannan hukuncin na wani ne?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ganawar, kuma ba za ta taɓa zuwa mata a gida ba. Idan manajan ya ce, "Abin da muke son gyarawa ke nan, duk wanda muka ɗauka mabuɗin zai koma hannunsa, ni kuma zan tsaya masa," to aiki ne mai wuya amma mai yiwuwa. Idan kuwa ya ce sashen ciniki ne ke ba da umarnin lodi, mai sito nasa rubutawa ne kawai, to ana shirin ɗora mata alhakin kayan da ba ta da iko a kansu. Mai yiwuwa abin da ya kori na baya ke nan.

Tambayarta ta uku ga jami'ar ta tafi, kuma gajera ce: "Ranki ya daɗe, idan aka samu giɓi bayan ƙidaya, wane tsari ake bi?" Ta bar ta a buɗe da gangan. Amsar za ta nuna ko ana bincike a gano inda kuskuren ya faru, ko kuwa kai tsaye ake cirewa daga albashin mai sito. Ba ta ambaci albashi ba, amma ta gano abin da zai iya taɓa shi kowane wata.

Tambayoyi uku, ba su ci minti shida ba, kuma ɗaya ce kawai ta yi kama da abin da ke littafinta. Akwai abu ɗaya da ya kamata ta kiyaye: kada ta mai da amsar manajan dandalin lacca, ta shiga koya masa yadda ake tafiyar da sito. Jimla ɗaya ta isa, kamar ta ce a inda ta yi aiki a baya an rage irin wannan ta hanyar shirya takardun lodi tun da yamma. Daga nan ta yi shiru.

Mataki na 5: Waɗanda za ka haɗiye

Wasu tambayoyin ba su da kyau a kowane lokaci, wasu kuma lokacinsu ne bai yi ba. Bambanta su yana da muhimmanci.

Cikin rukuni na farko, mafi muni ita ce wadda ke tona cewa ba ka yi bincike ba, irin su "Me kamfaninku yake yi ne takamaimai?" Sai kuma wadda aka riga aka amsa minti ashirin da suka wuce, wadda ke nuna hankalinka ba ya wurin. Haka nan tambayar da ta shafi rayuwar mai ganawa, shekarunsa, iyalinsa, addininsa ko albashinsa, ko da hira ta yi daɗi har an yi dariya. Da tambayar da ke sa a yi tunanin kana shirin laifi: "Ana duba lokacin da mutum ya iso?", "Gargaɗi nawa ake yi kafin a kori mutum?", "Za ku tuntuɓi inda na yi aiki a baya da gaske?" Ko da niyyarka tsarkakakkiya ce, abin da za su ji daban ne.

Jita-jita ma ka bar ta a waje. "Na ji an ce ba ku biyan albashi a kan lokaci" zargi ne da aka sa wa rigar tambaya, kuma babu amsar da za ta fito daga nan sai musu. Idan damuwar ta gaskiya ce, waɗanda suka taɓa aiki a wurin su ne za su gaya maka, ba kwamitin ba. In kuwa labarin ya fito fili, kamar rage ma'aikata da kamfanin da kansa ya sanar, kana iya tambayar yadda abin ya shafi sashen da za ka shiga.

Sai "Yaya kuka ga na yi?" ko "Na samu aikin?" Ba za su iya amsawa ba, domin ba su ga sauran masu nema ba, ba su kuma tattauna a tsakaninsu ba. Ka jefa su cikin kunya ne kawai. Akwai 'yar'uwarta da ake yawan ba da shawarar a yi: "Akwai wani abu game da ni da ke sa ku shakka?" Ni ina ɗari-ɗari da ita. Tana sa mutane su rufe ganawar suna laluben aibinka, kuma a gaban kwamiti mai mutum huɗu da wuya wani ya faɗi gaskiya. Idan kana ganin akwai wurin da amsarka ta yi rauni, gara ka ce, "Akwai wani ɓangare na ƙwarewata da kuke so in ƙara bayani a kai?" Buƙata ɗaya suke biya, amma wannan ba ta tilasta wa kowa ya soke ka a fuska.

Rukuni na biyu shi ne albashi, alawus, hutu, ƙarin girma da aiki daga gida. Babu abin kunya a cikinsu, don su ake aikin. Matsalar ita ce lokaci. A ganawar farko kana ɗaya daga cikin mutane da yawa, ba ka da abin ciniki a hannu. Ranar da suka ce kai suke so, maganarka ta yi nauyi, kuma a lokacin ne za ka bi komai dalla-dalla kafin ka sa hannu a takarda. Wanda ya buɗe tambayoyinsa da "Kwana nawa ne hutun shekara?" ya bar musu hoton mutumin da ke lissafin fita tun bai shiga ba.

Amma ba na goyon bayan masu cewa kada a taɓa ambaton kuɗi sam. Idan sanarwar ba ta faɗi albashi ba, kuma matakan ganawar suna da yawa, ko za su sa ka yi doguwar tafiya, ko ka ɗauki hutu daga aikin da kake yi yanzu, kana da haƙƙin sanin ko kuna kusa da juna. Ka yi wa jami'in kula da ma'aikata tambayar, ba manajan sashe ba, ka kuma sa ta a ƙarshe: "Don kada mu ɓata wa juna lokaci, ko za a iya sanar da ni iyakar albashin da aka ware wa wannan gurbin?" Idan su suka fara kawo maganar, to ƙofa ta buɗe, ka shiga. Haka kuma duk wani sharaɗi da idan babu shi ba za ka iya karɓar aikin ba, misali ba za ka iya aikin dare ba, gara ka fito da shi da wuri.

Ƙarin girma ma akwai yadda ake zagaya shi. "Yaushe za a ƙara mini girma?" tana nuna ka raina kujerar da kake nema. "Waɗanda suka riƙe irin wannan aikin a baya, ina suka kai a cikin ma'aikatar?" tana kawo maka amsar da kake nema, kuma da misalai na gaske maimakon alƙawari.

Mataki na 6: Yadda ake rufewa

Ka ajiye rabin minti na ƙarshe don tambayar da ba ta cikin ukun, amma ba a barin ta: "Mene ne mataki na gaba, kuma zuwa yaushe zan sa ran jin sakamako?" Ka rubuta ranar da aka faɗa. Ita ce za ta ba ka damar tuntuɓarsu daga baya ba tare da ka zama mai naci ba. Idan sun ce mako biyu, ka bari mako biyun su cika, ka ƙara kwana biyu ko uku, sannan ka aika gajeren saƙo.

Ka riƙa lura da agogo da jikin mutane. Idan an fara tattara takardu, ko amsoshi sun koma gajeru, ka yanke a kan tambayar da kake, ko da saura ɗaya a littafinka. Kada kuma ka cusa tambayoyi uku cikin numfashi ɗaya, domin ta ƙarshen kawai za a amsa, ko wadda ta fi sauƙi.

Idan ya zamana duk abin da ka shirya an amsa shi, kada ka ƙirƙiro tambaya don cike gurbi, kada kuma ka tsaya a "A'a, babu." Ka faɗi abin da ka zo da shi: "Na zo da tambaya a kan abin da ake so a fara gyarawa da kuma yadda ake auna aiki a lokacin gwaji, kuma kun amsa duka biyun a cikin bayaninku." Sannan ka tambayi mataki na gaba.

Da zarar ka fita, kafin ka kira kowa a waya, ka zauna ka rubuta amsoshin da aka ba ka yadda aka faɗe su, musamman adadi, da ranaku, da duk wani alƙawari. Idan aka kira ka zagaye na biyu, ka sake yi wa wani mutum daban tambayar wata ukun farko, ka gwada amsarsa da ta manajan. Idan kuma takardar ɗaukar aiki ta zo, ka ajiye ta gefe da gefe da abin da ka rubuta, ka duba tsawon lokacin gwaji, da wanda za ka riƙa kai wa rahoto, da ikon da aka ce za a ba ka. Duk abin da aka faɗa da baki amma bai fito a takardar ba, ka nemi a rubuta shi kafin ka sa hannu.